Kayen manomi: yadda ake fidda jimillar kowane amfanin gona ba tare da kuskure ba

Daga watan Oktoba zuwa Disamba, manoma da yawa a jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa sukan rubuta abin da suka saida a cikin ƙaramin kaye irin na ƴan makaranta. Wani ya rubuta da boko, wani da ajami, wani kuma ɗansa ne ke rubuta masa da dare. Sai ranar da ake neman bashin taki wajen ƙungiyar manoma, ko ƴan uwa suka zauna rabon kuɗin gonar gandu, a miƙo kayen ga wanda ya yi karatu a birni a ce: duba mana nawa wake ya kawo, nawa hatsi ya kawo. Tarawa ba wuya, kowace salula tana yi. Wuyar tana wajen gane abin da kowace lamba take nufi, domin manomin kansa ya rubuta wa, bai rubuta don wani ya karanta ba.

Mu ɗauki misali. Lambobin na koyarwa ne, ba farashin kasuwar wannan mako ba. A ce wani manomi na wajen Gidan Rumji ya rubuta a farkon shafi cewa ya samu wake buhu 4, sannan layukan wake da aka tsamo daga cikin kayen su ne waɗannan:

14/10, tiya 20, mai ƙosai, 160
28/10, buhu 2, ɗan kasuwar Maraɗi, 30, saura 10
4/11, tiya 10, Alhaji, bashi
18/11, ɗan kasuwar Maraɗi, 10
2/12, tiya 15, maƙwabci, 180

Tsamo layukan shi ne aikin farko. A kayen suna gauraye da na hatsi da riɗi da gujiya, bisa ranakun da aka yi cinikin. Ana ware wa kowane amfani takardarsa, a kwafe layukansa, kuma duk layin da aka kwafe a sa masa ɗan alama da fensir a cikin kayen, don kada a tsallake shi ko a ɗauke shi sau biyu. Kada a goge ko a gyara rubutun mai shi. In gardama ta taso, can za a koma.

Wanda ya tara lambobin ƙarshe kai tsaye zai samu 380, wanda ba ya nufin komai. Dalili shi ne a ƙasarmu baki da dala yake ƙidaya, takarda kuma da sefa. Dala guda sefa 5 ce, jikka guda sefa 1.000 ce, watau dala 200. Manomin da ya ji an ce "ɗari da sittin" a kasuwa, 160 zai rubuta, alhali kuɗin sefa 800 ne. Haka 180 na layin ƙarshe sefa 900 ne. Shi kuwa 30 na layi na biyu ba dala ba ce, jikka ce. Mutum ɗaya, shafi ɗaya, ƙidaya iri biyu.

Ta yaya ake ganewa? A gwada lambar da abin da hankali zai ɗauka. Tiyar wake a sefa 160 ba ta yiwuwa a shekarun nan, amma sefa 800 ta yi kama da gaskiya. In ana shakka, hukumar SIMA mai bin farashin kasuwannin amfanin gona tana fidda farashi a kai a kai, sai dai da kilo take bayarwa. Tiyar hatsi ko ta wake ana ƙiyasta ta wajen kilo 2 da rabi, don haka a riɓa farashin kilo sau biyu da rabi kafin a kwatanta.

Tambaya ta biyu ta fi rikitarwa: lambar farashin awo guda ce, ko kuɗin kayan duka? Jikka 30 ɗin nan, na buhu ɗaya ne ko na biyun? Nan ma layukan da ke kusa ne ke ba da amsa. Buhun kilo 100 yana cin tiya 40 ko kusa da haka. Mako biyu kafin nan tiya tana sefa 800, to buhu zai kama wajen 32.000. Ɗan kasuwa mai sari ya biya 30.000 a kan kowane buhu, abu ne da aka saba gani. A ce 30.000 na buhu biyu ne, tiya ta faɗo sefa 375 ke nan, ƙasa da rabi cikin kwana 14. Ko a tsakiyar kaka da wuya a ga irin wannan faɗuwa. Saboda haka layin 60.000 ne. Duk da haka, in mai kayen yana kusa, a tambaye shi. Tambaya ɗaya ta fi ƙiyasi goma, kuma wani lokaci ƙaramin farashin shi ne gaskiya, misali in waken ƙwari sun huda shi.

Yanzu a maida komai awo ɗaya. Tiya ta fi sauƙi, tunda ita ce ƙarama. Buhu 2 tiya 80 ne, amma a nan sai an yi hattara: buhun ɗan kasuwa da aka danna aka ɗinka masa baki yakan ci fiye da 40, kuma tiyar wani gari ta ɗara ta wani, balle in ana yi mata tozo. A tambayi manomin tiya nawa ya zuba, a rubuta adadin a saman takarda, domin duk lissafin da zai biyo baya a kansa ya dogara.

Sauran layuka biyu su ne suka fi ɓata jimilla. Layin 18/11 babu kaya a cikinsa. Jikka 10 ɗin cikon kuɗin buhunan nan ne, wanda aka rubuta "saura 10" a gefensu. Ɗan kasuwar ya ba da 50.000 ranar ciniki, ya ciko 10.000 daga baya. Wanda ya lissafa 60.000 sannan ya ƙara 10.000 ya ƙirƙiri kuɗin da ba a taɓa karɓa ba. Shi ya sa sunan mai saye yake da amfani: duk layin da ke da kuɗi babu kaya, a nemi sunan a baya, a haɗa su. In an ga "saura" amma ba a ga ranar da aka biya ba, wannan kuɗi ne da ke hannun mutane, a rubuta shi daban.

Layin 4/11 kuma akasin haka ne, kaya sun fita kuɗi bai shigo ba. Tiya 10 aka ba Alhaji a madadin sefa 6.000 da manomin ya ranta da damina. Ba a sa shi cikin ciniki. Amma ina ganin bai kamata a wuce shi ba tare da an raba ba: 6.000 a kan tiya 10, sefa 600 ke nan kowace tiya, a lokacin da ake saida ta 750 zuwa 800. Bashin ya ci masa tsakanin 1.500 da 2.000, watau rubu'i zuwa sulusin abin da ya ranta, cikin ƴan watanni. Manomi da wuya ya ga wannan sai an fito masa da shi a takarda.

To, jimillar wake ta fito. Tiya 20 a 800, 16.000. Buhu 2, 60.000. Tiya 15 a 900, 13.500. Tiya 115 aka saida a kan sefa 89.500. In ana son matsakaicin farashi, a raba kuɗin duka da tiyoyin duka, a samu sefa 778. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tara 800 da 750 da 900 a raba uku, a samu 817. Wannan ya ba tiya 15 na maƙwabci nauyi ɗaya da tiya 80 na ɗan kasuwa, alhali mafi yawan waken a farashi mafi ƙanƙanta ya tafi.

Kafin a rufe takardar wake, a koma kan girbi. Buhu 4 tiya 160 ne. An saida 115, bashi ya ci 10, saura 35. Manomin ya ce ya ajiye 10 na iri. To 25 fa? Wataƙila an ci a gida, ko an yi kyauta, ko uwargida ta saida kaɗan-kaɗan don cefane, abin da kusan ba ya shiga kaye. Wannan giɓi ba abin tashin hankali ba ne, muddin ana iya faɗin inda ya tafi. Abin da ke nuna kuskure ƙarara shi ne abin da ya fita ya fi abin da aka girba. In haka ta faru, ko an ɗauki layi sau biyu, ko an karanta lamba ba daidai ba, ko kuma manomin yana saye yana saidawa ya gama nasa da na kasuwa.

Hatsi yana da tasa matsala, domin da dami ake ƙirga shi a gona, da tiya ko buhu a kasuwa. Dami ba shi da awo tsayayye, ya danganta ga hannun mai ɗauri da yadda zangarniya ta cika a shekarar. Hanya ita ce a sussuka dami uku daga rumbun mai kayen a auna. A ce sun ba da tiya 21, dami guda tiya 7 ke nan. Idan kayen ya nuna dami 10 a 800, dala ce, sefa 4.000 kowane dami, 40.000 a kan tiya 70. Buhu 3 a jikka 24 kuma 72.000 ne a kan tiya 120. Jimilla tiya 190, sefa 112.000. Tiyar da ta tafi a dami ta kama wajen 571, ta buhu 600, sai dai mai sayen dami shi zai yi sussuka da shiƙa. Damman zakka, ɗaya cikin goma ga gonar da ruwan sama ya shayar, suna shiga lissafin abin da ya fita daga rumbu, ba na ciniki ba.

Rubutun hannu ma yana da tarkonsa. Wanda ya yi makarantar boko a nan yakan ja wa 1 dogon baki, har ya yi kama da 7 in ba a gicciye bakwai ɗin ba. A lambobin larabci da wasu masu ajami ke amfani da su, biyar zagaye ce kamar sifiri, sifiri ɗigo ne kawai, shida kuwa kamar 7 na boko take. Ɗigo ɗaya da bai fito ba yana maida 200 ta koma 20. A garuruwan bakin iyaka, irin su Ɗan Isa da Magarya, wani layin da naira aka yi shi. A bar shi da nairarsa a gefe, sai an san canjin da aka yi a ranar, domin canjin yau ba shi ne na watan Nuwamba ba.

Akan kuma tarar da ƙananan lambobi a gefen shafi: kuɗin amalanke, la'adar dillali, tikitin kasuwa, kuɗin buhu. A misalinmu, a ce na wake sun kai 2.000, abin da ya shiga aljihu ya zama 87.500. Wannan ma ba riba ba ce, tunda ba a cire taki da maganin ƙwari da kuɗin ƴan ƙwadago ba, kuma galibi waɗannan ba su cikin kayen ciniki. In ƙungiya ce ta nemi lissafin, a rubuta mata ƙarara cewa 89.500 kuɗin ciniki ne, 87.500 bayan kuɗin kai kaya kasuwa, da buhu a kan tiya 40.