Yadda Tela Zai Tsara Gajeren Bidiyon Tallar Ɗinkin Biki

Gajeren bidiyon da tela yake sakawa a WhatsApp, Instagram ko TikTok yana buƙatar rubutaccen tsari kafin a ɗaga waya. A takarda ake rubuta abin da za a nuna da abin da za a faɗa. Bidiyo mai daƙiƙa 40 ba ya ɗaukar abin da ya wuce kalmomi 80 zuwa 90, saboda haka babu wurin doguwar gaisuwa. Fargabar amarya guda biyu ce: kada riga ta ƙi zama a jiki, kada kuma ranar kamu ta zo kaya suna kan keke. Su ne tsarin zai amsa.

Daƙiƙa 5 na farko na rigar da aka gama ne, a jikin mutum tana motsi, domin rigar da ke rataye ba ta nuna zamanta. Daga nan sai awo, wanda ya cancanci kaso mafi tsoka. A nuna tef a kafaɗa, ƙirji, ƙugu da tsawo, sannan hannun tela yana rubuta lambobin a littafi. Muryarsa ta ce, misali: “Kowace amarya da awonta, kuma da takalmin da za ki sa ranar biki muke auna tsawon rigarki.” Irin wannan jimla ta fi “ɗinkinmu ba na biyunsa” tasiri nesa ba kusa ba, domin duk macen da rigarta ta taɓa ɗagewa saboda tsinin takalmi za ta gane cewa mai maganar ya san aiki. Ba a nuna fuskar mai kaya ko sunanta a littafin awo sai da yardarta.

Ranar karɓar kaya kuwa, lissafa ta ake yi. A ɗauki doguwar rigar leshi mai duwatsu: yanka kwana 1, ɗinki kwana 3, jera duwatsu kwana 4, gwaji da gyara kwana 2. Jimla kwana 10 ke nan. Sai a ƙara 4 saboda ɗaukewar wuta da aikin da ke layi, a rubuta “kwana 14” ɓaro-ɓaro a kan hoton, tunda wasu ba sa kunna sauti. Dole a faɗi ranar da ƙidayar take farawa, wato ranar da yadi da kuɗin kafin alƙalami suka shiga hannu. Rashin faɗin haka shi ne tushen yawancin rigimar tela da masu biki. Ankon ƙawaye 20 lissafinsa daban ne, haka ma ƙarshen azumi, lokacin da ɗinkin Sallah ke cika shago.

Bidiyon yana rufewa da unguwar da shagon yake da lambar waya, a bar su a tsaye na daƙiƙa 5 don mai kallo ya samu damar kwafewa.