Katin Gayyata Ya Ce "Bilak Tayi": Me Za Ki Sa?

Uwargida, a ce maigida ya dawo Dauran daga Gusau da katin liyafar dare, a ƙasansa an rubuta "bilak tayi". Kada ki ɗauka baƙaƙen kaya ake nufi, ba zaman makoki za ku ba.

A wurin Turawa, namiji zai sa baƙar kwat mai ƙyallin siliki a wuya, da farar taguwa, da ɗan baƙin laktaye mai siffar malam-buɗe-littafi. Mace kuwa doguwar riga har idon sawu. To, a ƙasarmu kayan gargajiya sun wadatar. Maigida ya sa babbar riga ta shadda mai aiki, da 'yar ciki da wando da hula kube. Kaftani kaɗai ya yi kaɗan. Ke kuma ki fito da leshinki mai nauyi, yadi biyar, buba da zane, ki kafa gwaggwaro, ki yafa mayafin da ya dace da launinsa. Atamfa, ko da sufa ce, a bar ta a akwati ran nan.

In "koktel" aka rubuta, taron tsaye ne da yamma, ana zagawa da lemo. Doguwar rigar shadda ta isa, amma ki nemi takalmin da za ki iya awa biyu a kansa, da mayafin da ba ya zamewa, don hannunki ɗaya na riƙe da tambulan.

"Semi-fomal" ne ranar atamfarki da kaftanin maigida. Idan kuwa biki ne aka fitar da anko, to shi za ki bi.