Rangwamen dara a wasan ces

Idan gwani ya zauna da ɗan koyo a gasar ces ta zumunci, yakan cire wata dara tasa kafin a fara, domin mai rauni ya samu damar cin wasa. Ana auna darajar dara da soja: doki soja uku ne, hasumiya biyar, sarauniya tara. Ƙaramar tazara a cire doki, babba kuwa sai hasumiya ko sarauniya. Sakamako ne ke nuna ko rangwamen ya yi daidai. In mai rauni ya ci uku a jere, a rage rangwamen. In ya faɗi uku, a ƙara. Ɗan koyo ya riƙa musayar dara, domin ratarsa tana ƙara nauyi yayin da allo ke raguwa.