Gyaran Zubin Farko na Na'ura: Misalin Tallar Kilishi

Mai sayar da kilishi ta nemi manhajar ƙirƙirar rubutu ta tsara mata tallar Instagram, irin jerin hotunan nan da ake ja da yatsa. A shafin farko na'urar ta rubuta: "Gano ɗanɗano na musamman da zai canza rayuwarka." Wannan jimla za ta dace da tallar sabulu ko ta turare, kuma alamar cutar ke nan.

Maganinta shi ne a tambayi kowane shafi: me ya faɗa wanda mai kayan kaɗai ta sani? Sai shafin farko ya koma: "Naman cinyar sa ne, mun yanyana shi, ya sha rana." Na biyu ya ambaci ƙuli-ƙuli, citta da kanumfari, na uku ya faɗi farashi da unguwar da ake kaiwa.

Kada shafi ya ɗauki batu fiye da ɗaya. Idan na'ura ta ƙaƙalo adadi ko yabon wani kwastoma, a goge, domin ƙarya ce.

Daga ƙarshe ki karanta a bayyane. Duk abin da ba za ki iya faɗa wa mai saye baki da baki ba, cire shi.