Wasiƙar da Ta Dawo da Takardun Wata Baiwar Allah

Wani marubuci ya aika wa tsohuwar malamarsa rubutunsa domin ta duba kafin a kai maɗaba'a. Ya haɗa da wasiƙun wata mata da takardar asibitinta, don malamar ta tabbatar labarin gaskiya ne. Da ta ga sunan matar a shafin farko, sai ta rufe, ta mayar masa da komai a rufe tare da amsa.

"Ɗana, bayan gaisuwa, na gode da ka tuna da ni. Sai dai takardun nan sirrin wata baiwar Allah ne, kuma ban ga alamar ta yarda a karanta ba. Ka nemi izininta, ko ka cire duk abin da zai sa a gane ta. In ka yi haka, zan duba maka rubutun da hannu biyu."

Ka lura ba ta zarge shi da cin amana ba, domin zargi kan sa mutum kare kansa maimakon gyara. Ba ta kuma fake da rashin lokaci ba, don da ta yi haka wani zai kai wa takardun.

Wurin da aka fi yin tuntuɓe shi ne sauya suna kawai. Idan an bar unguwa, sana'ar miji da shekarar da auren ya mutu, maƙwabta za su gane ta nan take. Izinin ma dole ya fito daga bakinta, bayan ta san shafukan da za a buga da waɗanda za su karanta.