Tsaraba Daga Waje: Kaya Ko Kuɗi?

Ɗan Nijeriya da ke London, wanda ke son aika wa mahaifansa barguna kafin hunturu, zai tarar cewa kamfanonin jigila ta jirgin sama ba nauyi kaɗai suke dubawa ba, har da girman kwali. Galibi sukan ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, su raba da 5,000. Kwali mai 50 da 40 da 40 ya zama kilo 16 ke nan, ko da a sikeli kilo 4 ne. Sau da yawa kuɗin dakon yakan zarce na bargunan.

A Legas kuma sai an bi ta kwastan. Tun Satumban 2025 an yafe haraji kan ƙananan kayan da ba su wuce Dala 300 ba, amma kwalin da ba rasiti yakan kwana biyu ana jayayya kan ƙimarsa, tsofaffi na gida suna jira.

Abin da ake samu a Kantin Kwari, gara a turo kuɗinsa. Sai dai tun 2024 da Naira ake biyan mai karɓa, don haka a duba farashin canji kafin ladan aikawa.