Kalangu da ƙwarya a gaban makirufo

Mai ɗaukar sauti a situdiyon Kano yakan ajiye makirufo uku in an kawo masa makaɗin kalangu da mai kiɗan ƙwarya: biyu a kusa da kayan kiɗan, ɗaya can nesa don ya kwaso amon ɗakin.

Kalangu ne mai wahala. Makaɗin yana matse tsirkiya a hammata, murya ta hau ta sauka, jikinsa kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya. In makirufo ya matso da yawa, ƙarar kan makaɗi za ta danne zaƙin fatar, sautin ya riƙa kusantowa yana nisanta. Shi ya sa ake ja da shi baya kamar santimita 30, a ɗan karkace daga inda ake bugu.

Ƙwarya kuwa murya biyu gare ta: dukan gindin tafi mai nauyi, da ƙas-ƙas ɗin yatsu ko zobe. Ana kifa ta a kan bargo don kada ta zame, makirufo yana kallonta daga sama.

Matsalar takan fito wajen haɗawa. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, saboda haka makirufon da ke nisan mita 3 yana jin bugun a makare da kusan kashi 9 cikin 1,000 na daƙiƙa. In aka haɗa shi da na kusa sai gindin ƙwaryar ya sirance, to sautukan biyu suna cin juna. Sai a gusa makirufon ɗakin kaɗan, ko a daidaita lokacinsu a kwamfuta, har nauyin ya dawo.